A Gwada Fassara a Bakin Firij Kafin a Sa Mata Hannu



Gidaje da yawa a Nima, Mamobi, Sabon Zongo da Aboabo suna da ɗa ko jika ko ƙane da ke neman abinci a Doha, babban birnin Ƙatar. Wasu gadi suke yi, wasu tuƙi, wasu kuma suna kicin na otal, ko gidan burodi, ko kamfanin da ke dafa wa ma'aikata abinci. Waɗannan na kicin, a makon farko ake miƙa musu takardar ƙa'idar aiki, wato takardar da ke faɗin yadda za a duba kaya, yadda za a ajiye su, da abin da za a rubuta. Da Turanci take zuwa ko da Larabci. Ana cewa su sa hannu a ƙasa, alamar sun karanta sun gane. Wanda bai gane ba sai ya ɗauki hotonta a waya ya turo gida, wani malamin makaranta ko ɗalibi ya juya masa ita zuwa Hausa cikin dare ɗaya, a yi masa godiya.

Ra'ayina shi ne wannan taimako yana da kyau, amma yadda ake yin sa yana da haɗari. Fassarar takardar ƙa'ida ba ta gamu ba sai an tsaya a wurin aikin an ga mai karanta ta ya yi daidai abin da asalin takardar ke nufi. Duk fassarar da ba a gwada haka ba, bai kamata ƙungiyarmu ta sa mata suna ko ta raba ta ba.

Dalilin da ya sa Doha ta bambanta

Ƙatar ƙasa ce da baƙi suka fi 'yan ƙasa yawa nesa ba kusa ba. A kicin guda za ka samu ɗan Indiya, ɗan Nepal, ɗan Filifin, ɗan Masar, ɗan Kenya da ɗan Gana, kowa da harshensa. Abin da ke haɗa aikinsu shi ne takardar da ke manne a bango da littafin da ake rubuta awo a ciki. Ƙasar na da Doka mai lamba 8 ta 1990 kan kula da abincin ɗan Adam, wadda aka yi wa gyara a 2014. Jami'an Ma'aikatar Lafiya da na hukumar birni suna shiga kicin su duba firij, su duba ranakun da ke jikin kaya, su buɗe littafin awo. Suna da ikon rufe wuri, kuma akan buga sunan wurin da aka rufe jama'a su gani. Idan haka ta faru, mai wurin zai nemi wanda ya karɓi kayan, kuma hannun yaronmu ne a takarda. Izinin zamansa a ƙasar yana tafiya ne da aikinsa.

Sai zafi. Daga Yuni zuwa Satumba zafin Doha yakan wuce digiri 40 da rana, har gwamnati ta hana aikin fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Satumba. Ƙwayoyin cuta irin su salmonela, da ake yawan samu a ɗanyar kaza, suna iya ninka kansu cikin kusan minti 20 idan sun samu ɗumin da suke so. Ƙwaya ɗaya ta zama 64 cikin awa biyu, ta haura 4,000 cikin awa huɗu. Kazar kuma ba lallai ta yi wari ko ta canza launi ba. Saboda haka ne takardar ta dogara da lamba, ba ta dogara da hanci ba.

Mu ɗauki shafi ɗaya kawai, shafin karɓar kaji daga mota, mu bi shi.

Kalmar "sanyi" ba ta isa ba

A ce layin farko na takardar yana nufin kazar firij ta iso a digiri 5 ko ƙasa da haka. Mai fassara da ke son Hausa mai daɗi zai rubuta: "A tabbata kazar na da sanyi." Jimlar ta yi kyau a kunne, amma ta jefar da abin da ake nema. A Hausa ruwan randa yana da sanyi, ɗaki mai iyakwandishan yana da sanyi, ƙanƙara ma tana da sanyi. Mutumin da ya fito daga zafin digiri 43, idan ya taɓa kaza mai digiri 14, zai rantse tana da sanyi, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai digiri 14 yana cikin iyakar da ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana koyar da cewa a riƙe abinci ƙasa da digiri 5 ko sama da 60, abin da ke tsakani shi ne wurin haɗari.

Fassarar da za ta yi aiki ita ce wadda ta bar lambar a wurinta, ta kuma faɗi ɓangaren da aka yarda da shi: "Sa ma'aunin zafi tsakanin leda biyu na kaza. Jira har lambar ta daina motsi. Idan ta nuna 5, 4, 3, 2 ko 1, ka karɓa. Idan ta nuna 6 ko fiye, kada ka karɓa." An ƙara kalmomi, amma ba a ƙara doka ba. An dai rufe ƙofar shakka.

Kazar firiza ta fi wannan tarko. Ƙa'idar da aka saba ita ce digiri 18 ƙasa da sifili, ana rubuta ta −18. Asalin takardar zai ce −18 ko ƙasa da haka. Idan aka juya wannan kalma da kalma zuwa "ƙasa da 18", ma'aikaci zai ga −12 a ma'auni, ya ce 12 ai ƙasa da 18 take, ya karɓa. Alhali −12 ta fi −18 ɗumi, kazar ta fara sakin ƙanƙararta a hanya. A ƙasan sifili lissafin juyawa yake yi: lamba na girma, sanyi na ƙaruwa. Don haka a rubuta masa: "Dole ka ga alamar ragi a gaban lambar, kuma lambar ta zama 18 ko ta fi, kamar −18, −19, −20. Idan ka ga −15 ko −12, tsaya ka kira shugaban kicin."

Akwai kuma lambobin Larabci, waɗanda dattawanmu masu karatun allo suka sani amma yaran boko da yawa ba su sani ba. Biyar ta Larabci (٥) kamar sifilin boko take, shida (٦) kuma kamar bakwai. Kayan da ake sayarwa a ƙasashen Larabawan yankin suna ɗauke da ranar da aka yi su da ranar ƙarewarsu, wani lokaci da waɗannan lambobi. Fassara mai hankali za ta sa ɗan jadawali a gefe, lambar Larabci da ta boko kusa da juna, ta kuma nuna wace rana ce ta yi, wace ce ta ƙarewa.

Tsabta daban, tsarki daban, kashe ƙwayar cuta daban

Layi na gaba yakan ce a wanke bakin ma'aunin, sannan a kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa kafin a sa shi a wani kaya. Haka ma tebur da wuƙa. Aiki biyu ne, kuma Turanci da Larabci kowanne yana da kalma biyu a kansu. Larabci yakan ce tanzif ga na farko, ya ce taɗhir ga na biyu. Mu kuma da muka taso da karatun fiƙihu, kunnenmu na jin taɗhir sai ya tafi ga ɗahara, mai fassara ya rubuta "a tsarkake". Ga Musulmin zongo, tsarki da ruwa mai tsarki ake yin sa. Sai yaro ya ɗauraye wuƙa da ruwan famfo, zuciyarsa a kwance cewa ya cika umarni. Ta fuskar addini wuƙar ta tsarkaka. Ta fuskar lafiya salmonela na nan a jikinta, kuma da ita za a yanka tumatir da latas ɗin da ba za a dafa ba.

Idan kuma aka rubuta "a tsabtace" ga duka biyun, aiki biyu sun zama ɗaya, na biyun ya ɓata. Hanyar da ta fi ita ce a kira kowane aiki da abin da ake yin sa da shi. Na ɗaya: wankewa da sabulu da ruwa har maiƙo ya fita. Na biyu: sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar shi ya daɗe gwargwadon lokacin da aka rubuta. Jerin ma doka ne, domin maiƙo da ragowar nama suna raunana sinadarin kulorin, idan aka fara da magani kafin sabulu an yi asararsa.

Awon maganin shi ma kada a taɓa shi. A ce takardar na son kashi 200 cikin miliyan na kulorin, kuma bilic ɗin da ke kicin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100 ne. Lissafin ya ba da mililita 4 a kowace lita ta ruwa, wato mililita 20 a bokiti mai lita 5. Mai fassara da ya rubuta "a zuba murfi ɗaya" ya canza takardar, domin murfin kwalba ba girmansa ɗaya ba, bilic ma ba ƙarfinsa ɗaya ba. A bar mililita, a nuna kofin awo, a ambaci 'yar takardar gwaji da ake tsomawa ta canza launi. Kuma layin da ke hana haɗa bilic da wani sinadarin wanki a fito da shi da manyan baƙi, domin haɗin na iya tayar da iska mai guba a ɗakin da ke rufe.

Ladabinmu na iya sassauta umarni

Wannan shi ne wurin da nake roƙon dattawa su saurara, domin tarbiyyarmu ce ke shiga ciki. An koya mana kada mu ba babba umarni kai tsaye. Muna cewa "ya kamata", "zai fi kyau", "ka ɗan duba". Takardar ƙa'ida kuwa tana bambanta abin da ya zama dole da abin da aka ba da shawara a kai. Idan asalin ya ce dole, Hausar ta ce "dole". Idan ya ce an hana, ta ce "kada". "Ya kamata a mayar da kayan" yana barin hanya ga direban da zai ce, ɗan'uwa ka taimake ni, yau kaɗai.

Haka kuma "a duba", "a rubuta", "a sanar". Hausa na son wannan salo, amma ba ya faɗin wa zai yi. A kicin mai mutum goma, "a duba firij" na nufin kowa ya ɗauka wani ya duba. Takardar asali yawanci tana faɗin mai aikin: mai karɓar kaya, mai kula da sito, shugaban kicin. Fassara ta riƙe wannan suna a kowane layi, ko da maimaicin ya yi nauyi a kunne.

Ga yadda abin ke kasancewa. Ƙarfe 11 na safe a watan Agusta, mota ta kawo katan 10 na kazar firij. Mai karɓa ya auna katan na tsakiya ya samu 4. Ya auna na bakin ƙofar motar ya samu 9, domin direban ya buɗe ƙofar a wurare uku kafin ya iso. Da fassarar "a tabbata tana da sanyi", duka goman za su shiga firij, a rubuta "lafiya" a littafi. Da fassara mai kyau, zai san cewa 9 ta wuce iyaka, zai ware katan ɗin, ya rubuta lokaci, sunan mai kawo kaya, lambar da ya gani da abin da ya yi, ya kira shugaba kafin motar ta tafi.

Amma sauran katan takwas da bai auna ba fa? Mai yiwuwa takardar asali ba ta ce komai a kansu ba. A nan mai fassara ke jarabtuwa ya cike gurbin da hankalinsa, ya rubuta "a auna duka" ko "a mayar da duka". Wannan ba hurumin sa ba ne. Aikinsa ya rubuta tambayar, a kai wa mai kula da inganci a kamfanin, a gyara asalin, sannan a gyara fassarar. In ba haka ba ɗan Gana zai bi doka ɗaya, ɗan Nepal ya bi wata, ranar da aka samu matsala kuma asalin ne za a buɗe.

Yadda ake gwada fassara

Gwajin ba ya buƙatar kuɗi. Mataki na farko, wani mutum dabam da bai ga asalin ba ya mayar da Hausar zuwa Turanci ko Larabci, a ajiye biyun gefe da gefe. Nan take za a ga inda "dole" ta koma "ya kamata", ko inda lamba ta faɗi.

Mataki na biyu ya fi muhimmanci. A ba ma'aikacin takardar Hausa da ma'auni, a tsaya a yi shiru, a ga abin da hannunsa zai yi. Kada a tambaye shi ko ya gane, domin ɗan zongo mai kunya ba zai ce wa babba bai gane ba. A ce ya nuna. A sa masa lambobi uku a takarda, 4, 7 da −12, ya faɗi wanda zai karɓa. A ce ya gwada ma'aunin kansa: a cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, a zuba ruwa kaɗan, a tsoma bakin ma'aunin ba tare da ya taɓa gindin kofin ba. Ya nuna sifili, ko ya kauce da abin da bai wuce digiri 1 ba. Idan ya nuna 3, to duk awon da aka yi da shi a makon nan abin tuhuma ne. Duk inda ma'aikacin ya tsaya yana juya takarda, layin ne ke da laifi, a sake shi.

Mataki na uku, a riƙe lambobin layi yadda suke. Layi na 4 a asali ya zama layi na 4 a Hausa, a buga su a shafi ɗaya, domin shugaban da ba ya jin Hausa ya iya nuna layi da yatsa su fahimci juna. A kuma rubuta lambar bugun asalin da ranarsa a saman fassarar. Kamfanoni suna sabunta takardunsu. Fassarar bara da ke yawo a waya bayan an canza asalin ta fi rashin fassara haɗari, domin mai riƙe da ita ya tabbata yana kan daidai.

Abin da masu ja za su ce

Wasu za su ce yaran su koyi Turanci kawai, tunda da shi ake aiki a can. Gaskiya ne su koya, kuma littafin awo da Turanci ko Larabci za su ci gaba da cika shi. Amma koyon harshe shekara yake ɗauka, motar kaji kuwa gobe da safe za ta zo. Kuma jin Turancin kasuwa bai sa mutum ya san cewa −12 ta fi −18 ɗumi ba.

Wasu za su ce wace Hausa, tunda ta zongo ba ta Kano ba ce, kuma da yawa suna jin ta amma ba su saba karanta ta da boko ba. Wannan magana tana da nauyi. Amsarta ita ce a rubuta da Hausar wanda zai yi aikin. Idan "firij" yake cewa, a rubuta firij, kada a ƙirƙiro masa doguwar kalmar da bai taɓa ji ba. Wanda karatu ke yi wa wuya a karanta masa a saƙon murya, layi bayan layi, da lambar kowane layi, ba a taƙaice ba.

Wasu kuma za su ce fassara ba ta gyara mai gidan da ke tilasta a karɓi kaya don gudun asara. Haka ne, wannan iyakarta ce. Abin da take yi shi ne ta ba yaro damar sanin abin da ya sa wa hannu, ya rubuta lambar gaskiya a littafi, ya rubuta sunan wanda ya ba da umarni. Ranar bincike wannan layin ne zai tsaya masa.

Roƙona ga ƙungiya

Ina roƙon shugabanni su tsayar da ƙa'ida uku ga duk takardar da aka kawo mana. Mutum biyu su yi ta, ɗaya mai harshe, ɗaya wanda ya taɓa aikin kicin ko na lafiya. Kada ta fita sai an mayar da ita harshen asali, an kuma gwada ta da hannu, ko da ta kiran bidiyo ne. Sannan a buɗe littafi guda na kalmomi, yadda abin da muka kira maganin kashe ƙwayoyin cuta a takardar yau ba zai koma wani suna a ta gobe ba. Wanda aka kawo wa takardar kantin magani ya ƙara kula, kada ya ɗauko lambar kicin: firij ɗin magani irin su insulin tsakanin digiri 2 da 8 ake riƙe shi, kuma daskarewa lalata shi take yi.

Iyaye kuma, idan yaro ya kira daga Doha ya ce an ba shi takarda ya sa hannu, ku tambaye shi lamba nawa ce iyakar kazar firij, kuma me zai yi idan ta wuce. Idan ya amsa ba tare da inda-inda ba, ya gane takardarsa. Idan ya ce "sai dai ta yi sanyi", ku ce ya turo ta a duba.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu a inda suke neman halal, Ya ba mu lafiya mai amfani. Wassalam.